Wa ya faɗa, a minti na nawa? Hanyoyi uku na sa lokaci da sunan mai magana a rubutun taro

Wata ƙungiyar 'yan hatsi a nan Gombe ta taɓa ba ni rikodin ɗin zamanta in mayar rubutu. Mutum 7 ne a zaman, an ajiye waya a tsakiyar tebur, fanka na juyawa a sama, an tashi sallar la'asar a tsakiya an dawo an ɗora. Sakatarensu ya riga ya buga yawancin maganar a kwamfuta, amma rubutun ya fito kamar tuwo ɗaya, ba a san inda wannan ya tsaya wancan ya karɓa ba. Abin da ya sa suka neme ni kuwa shi ne gardama ta tashi kan wanda ya ce a ɗage biyan bashin taki zuwa bayan girbi. Kowa na cewa ba shi ba ne. Suna son takardar da za ta ce wane ne ya faɗa, a minti kaza, wanda kuma bai yarda ba a kunna masa ya ji da kunnensa.

Hanyoyin da na sani na yin wannan aiki uku ne: da hannu a oTranscribe, da hannu amma sahu-sahu a ELAN, ko a bar na'ura ta rarrabe muryoyin da pyannote sannan mutum ya bi baya yana gyara. Dukkansu kyauta ake samun su, don haka ba kuɗin saye ne ke raba su ba.

Abin da za a auna su da shi

Na farko shi ne ainihin tsadarsu, wato awoyin da za ka zauna, da data, da cajin kwamfuta. Na biyu, ƙarko: in bayan shekara an dawo da maganar, alamar lokacin za ta kai ka wurin daidai, fayil ɗin kuma zai buɗe? Na uku, sauƙin koyo. Na huɗu shi ne haɗari, kuma shi na fi ba nauyi. Kuskuren lokaci da kuskuren suna ba ɗaya ba ne. In alamar ta ce 12:34 alhali maganar tana 12:38, mai sauraro zai jira sakan 4 ya same ta, babu wanda ya cutu. In kuwa ka rubuta Ma'aji a kan maganar Mataimaki, ka sa wa mutum magana a baki, kuma takarda ce, za a yarda da ita fiye da yadda za a yarda da rantsuwarsa.

Akwai kuma batun sirri. Zaman da aka tattauna bashi da sunayen waɗanda ba su biya ba, ba kowane shafi ake ɗora shi ba. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, amma ko ba doka, amana ce aka ba ka.

Shiri biyu kafin ka zaɓi ko wacce

Ka tsayar da fayil ɗaya tak wanda duk alamomin lokaci za su koma gare shi, kada ka sake taɓa shi. Nan ne mutane suka fi faɗawa rami. Rikodin ɗin 'yan hatsin ya zo min gida biyu saboda tashin salla: na farko minti 47 da sakan 20, na biyu minti 44 da sakan 5. Maganar bashin takin tana 12:55 a fayil na biyu. In an haɗe su wuri guda, wurinta ya koma 47:20 a tara da 12:55, wato 1:00:15. Wanda ya rubuta 12:55 kawai bai faɗi fayil ba, ya tura mutane su saurari gaisuwa da karanta bayanin zaman baya a fayil na farko, su ce ƙarya ya yi. Haka nan in ka gama sa alamomi sannan ka ce bari in yanke hayaniyar farko ta jan kujeru, duk alamomin sun goce da tsawon abin da ka yanke.

Ni nakan mayar da sautin zuwa WAV tun farko, domin wasu fayilolin MP3 in aka ja su gaba ko baya, manhajar kan yi kirdadon wurin ne, sai lokacin da take nunawa ya bambanta da na wata manhajar. Umarnin, a manhajar juya sauti ta ffmpeg, gajere ne:

```
ffmpeg -i taro.m4a -ar 16000 -ac 1 taro.wav
```

A wannan tsari minti ɗaya na cin kusan megabait 2, zaman awa ɗaya da rabi bai kai megabait 180 ba. Gane matsalar ma ba wuya: ka gwada alama ɗaya a farko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe. In duk sun goce da adadi ɗaya, an yanke fayil ɗin ne ko an haɗa shi da wani. In gocewar na ƙaruwa yayin da ake nisa, matsalar daga nau'in fayil ɗin take ko manhajar da ke kunna shi.

Shiri na biyu shi ne jerin masu magana. A zaman nan Alhaji uku ne, Malam biyu, don haka rubuta "Alhaji" bai raba gardama. Na yi amfani da muƙami: Shugaba, Mataimaki, Sakatare, Ma'aji, sauran kuma Mamba 1, Mamba 2, Mamba 3, aka ajiye cikakkun sunayen a wata takarda daban a hannun sakatare. Na zauna da shi minti 20, ina kunna masa wurare yana cewa wannan wane ne, ina rubuta lokacin da kowace murya ta fito fes ita kaɗai. Waɗannan wurare su ne ma'aunina duk sanda na yi shakka daga baya.

Hanya ta farko: oTranscribe

Shafi ne da ake buɗewa a burauza, sauti a sama, wurin rubutu a ƙasa. Sautin ba ya barin kwamfutarka, burauzar ce ke kunna shi daga inda yake. `Esc` na tsayarwa da kunnawa, `F1` na mayar da kai baya, `F2` na kai ka gaba, `F3` da `F4` na rage sauri da ƙara shi, `Ctrl+J` kuma na saka lokacin da ake ciki a daidai inda kake rubutu. Shi ke nan abin da za a koya, kafin shayi ya huce ka iya. Da yake sakatare ya riga ya buga maganar, sai na zuba rubutunsa a ciki, ina sauraro ina tsaga shi, duk inda baki ya canza in buga `Ctrl+J` in sa suna:

```
1:00:15 Mamba 2: Ni dai a ganina a bari sai an yi girbi.
1:00:19 Ma'aji: To wa zai rufe gibin kafin nan?
1:00:21 Da yawa: [hayaniya, ba a rarrabe ba]
```

Wannan ya ci min kusan awa 3. Da daga fari zan buga komai, da ya kai awa 8 ko 9, don taron mutum 7 ba hirar mutum biyu ba ce.

Ba kowane "to" da "na'am" da "haka ne" ke buƙatar layinsa ba. Mu Hausawa ba ma barin mai magana shi kaɗai, sai an riƙa amsa masa, kuma in ka ba kowace amsa alamar lokaci rubutun zai ninka ya zama ba ya karantuwa. Ina barin su, sai dai wurin da "na'am" ɗin amincewa ce da shawara, to nan tana da nauyin ƙuri'a, dole a san bakin da ta fito.

Rauninsa biyu ne. Yatsa kan makara, sai mutum ya fara magana da sakan 1 ko 2 kafin ka danna, don haka alamarka kullum tana ɗan bayan maganar. Maganinsa ka koma baya kaɗan kafin ka saka ta. Na biyu ya fi ciwo: rubutun yana zaune ne a ma'ajiyar burauza. In wani ya ari kwamfutar ya share tarihin burauzar, ko ka yi aikin a kwamfutar shago, ya tafi. Ka riƙa fitar da shi kowane rabin awa a matsayin `.otr`, wanda ke riƙe alamomin da ake dannawa su kai ka wurin, da kuma rubutu zalla na karatu. Sannan ba shi da dabarar nuna mutum biyu na magana lokaci guda, sai dai ka rubuta hakan da kanka.

Hanya ta biyu: ELAN

Cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ke Nijmegen a ƙasar Holan ce ta yi ELAN, masu binciken harsuna suka fi amfani da shi. Ana sauke shi sau ɗaya, daga nan ba ya neman intanet. Bambancinsa da na farko shi ne kowane mai magana yana da sahunsa, abin da manhajar ke kira `Tier`. Mutum 7, sahu 7, jere a ƙarƙashin zanen sautin. Kowace magana akwati ce mai farko da ƙarshe a sahun mai ita. Saboda haka sunan ba ya buƙatar bugawa sau ɗari uku, kuma in Shugaba da Ma'aji suka haɗa baki, akwatunansu biyu za su hau juna a ido, kowa a sahunsa.

Aikin zagaye biyu ne. A `Segmentation Mode` kana sauraro kana danna `Enter` a farkon magana da ƙarshenta, ba ka rubuta komai. A `Transcription Mode` manhajar na kunna akwatunan ɗaya bayan ɗaya kana cike su. In ka gama, `File > Export As` na ba ka zaɓi, ciki har da `Traditional Transcript Text` don karatu, da `Tab-delimited Text` wanda ke buɗewa a Excel. Na biyun nan yana da wani amfani da ban zata ba: kana iya tace maganar mutum ɗaya kawai ka karanta daga farko zuwa ƙarshe, ka ga ko ya canza baki a tsakiyar zaman.

Gaskiya ranar farko da ELAN ba daɗi. Tagogi da maɓallai sun yi yawa, kuma an gina shi ne don mai nazarin da ke auna rabin sakan, ba don sakataren ƙungiya ba. Sai ka ba shi yini biyu kafin hannu ya faɗa. In kuma rubutun ya riga ya kasance, kamar na 'yan hatsi, kwashe shi jimla-jimla zuwa akwatuna aiki ne mai gajiyarwa, ya fi na oTranscribe tsawo nesa ba kusa ba. Amma a ƙarko babu kamarsa. Fayil ɗin `.eaf` yana kan kwamfutarka, lokacin kowace magana na ciki har zuwa ɗigon sakan, abin da kawai za ka kiyaye shi ne ka ajiye shi a jaka ɗaya da sautin kada ka canza wa sautin suna. Haka in wani ya juya zuwa Fulatanci, abin da ba baƙo ba ne a zaman Gombe, sai ka ƙara sahun fassara a ƙarƙashin nasa, asalin maganar na nan, Hausarta na nan.

Hanya ta uku: na'ura ta rarrabe, mutum ya gyara

A nan sai an raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Rubuta abin da aka faɗa aiki ne daban, gane wanda ya faɗa aiki ne daban. Whisper, wanda OpenAI ta fitar a 2022, yana yin na farko, har da lokaci, kuma Hausa na cikin jerin harsunansa da alamar `ha`. Sai dai Hausar da aka horar da shi da ita kaɗan ce, a taro mai hayaniya da sirkin Turanci abin da yake fitarwa gyaransa ya fi sabon rubutu wuya, wani lokaci ma yakan ƙirƙiro jimla a wurin da aka yi shiru. Ba ya kuma sa sunan kowa.

pyannote shi ke yin na biyu, kuma shi bai damu da ma'anar kalmomi ba, kamannin murya yake bi, shi ya sa yake amfani ko da Hausa ake yi ko Tangale. Yana son wanda ya ɗan iya Python, wato harshen rubuta manhaja, da asusu a shafin Hugging Face don sauke shi karon farko, daga nan aikin a kwamfutarka yake gudana, ko da yake a ƙaramar kwamfuta sai ka haƙura ka bar shi ya ɗauki lokacinsa. Abin da yake bayarwa layuka ne irin wannan:

```
SPEAKER taro 1 754.200 6.800 <NA> <NA> SPEAKER_02 <NA> <NA>
```

Ma'anarsa, wata murya da ya laƙaba wa `SPEAKER_02` ta fara a sakan 754.2, wato 12:34, ta yi sakan 6.8. Lambar 6.800 ɗin tsawon maganar ce, ba lokacin ƙarewarta ba, mutane da yawa na tuntuɓe a nan. Bai san wane ne `SPEAKER_02` ba, kai za ka saurara ka ce Ma'aji ne. Layukan kuma ana iya gyara su a Excel a shigar da su ELAN, sai ka tarar an yanka maka akwatunan, zagayen farko ya ragu.

Kada a ɗauka ya gama aikin. A gwajin da masu shi suka wallafa kan wani tarin rikodin ɗin tarurruka mai suna AMI, kuskurensa ya kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokacin magana, kuma waɗancan an ɗauke su ne da kayan aiki a ɗakin da aka tanada. Wayar da ke tsakiyar tebur ƙarƙashin fanka, janareta na kuka a waje, ba za ta fi haka kyau ba.

Kuskurensa iri biyu ne, kuma sanin bambancinsu shi ne rabin iya aiki da shi. Wani lokaci yakan raba mutum ɗaya biyu: Shugaba da ke kusa da waya kafin salla ya dawo ya zauna nesa, sai ya zama sabon mutum. Wannan mai sauƙi ne, ka ba laƙabin biyu suna ɗaya. Wani lokaci kuma yakan haɗe mutum biyu su zama ɗaya, musamman masu kamannin murya da ke zaune gefe guda nesa da waya. Wannan shi ne mugun, don sai ka bi kowane akwati da kunne kana warewa. Alamarsa ita ce ka ga mutum ya yi tambaya ya ba kansa amsa, ko wanda ka san bai cika magana ba an tara masa minti 25. Da na gwada shi a kan rikodin ɗin 'yan hatsi, haka ya haɗe Mamba 2 da Mataimaki, su ne kuwa mutum biyun da ake gardama a kansu. Shi ya sa ba na ƙulle shi a kan adadin mutanen daidai, nakan bar masa sarari ya wuce:

```python
diarization = pipeline("taro.wav", min_speakers=7, max_speakers=10)
```

Gara ya raba in haɗa, da ya haɗa in raba. Bayan haka ka ɗauki kowane laƙabi ka saurare shi a wuri uku, farko da tsakiya da ƙarshen zaman, kana gwadawa da wuraren da ka ajiye na muryar kowa.

Shafukan da ake biya a ɗora musu sauti su dawo da rubutu da "Speaker 1" ban sa su a jerin ba. In zaman da Turanci aka yi suna rage wahala, amma ga taron Hausa amfaninsu kaɗan ne, ga cin data, ga sirrin mutane ya tafi hannun da ba ka sani ba.

| | oTranscribe | ELAN | pyannote da gyaran hannu |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | babu | babu | babu |
| Abin da yake ci | awoyinka | awoyinka, fiye da na farko | data a karon farko, caji, awoyin dubawa |
| Koyo | 'yan mintuna | kamar yini biyu | sai wanda ya iya Python |
| Daidaiton lokaci | yakan makara da sakan 1 ko 2 | har ɗigon sakan | mai kyau, sai a wurin haɗa baki |
| Haɗa baki | sai ka rubuta da kanka | yana nunawa a ido | yana ƙoƙari, yana kuskure |
| Ƙarko | sai ka riƙa fitar da fayil | mai ƙarfi | ya danganta da inda ka zuba shi |
| Babban haɗari | ɓacewar rubutu | gajiya a bar aikin rabi | suna a kan maganar wani |

Wacce ta dace da wa

In kai sakataren ƙungiya ne ko ɗan jarida, zama ɗaya ne a gabanka, ka kuma san muryoyin mutanen, ɗauki oTranscribe. Kunnen da ya san mutanen ya fi kowace manhaja a nan, musamman in rubutun ya riga ya kasance, sa alama kawai ya rage. Da shi na ƙarasa aikin 'yan hatsin.

In takardar za ta je gaban kwamitin sulhu ko bincike, inda wanda ya katse wani da wanda ya fara faɗa ke da muhimmanci, ko kai ɗalibi ne a jami'a da za ka yi nazarin tattaunawar rukuni ka riƙa ciro maganar kowa daban, yini biyun koyon ELAN ba asara ba ne. Ba dole ma ka yi duk zaman a ciki ba. Kana iya yin gaba ɗayansa a oTranscribe, ka kai minti 5 ɗin da ake rigima a kansu ELAN.

In kuwa rikodin 20 ko 30 ne a hannunka, irin na masu zagaya ƙauyukan Dukku da Kumo suna tattaunawa da manoma, yankan akwatuna da hannu zai cinye maka wata guda. Nan pyannote ke biyan wahalarsa: ya yanka, ka shigar ELAN, wanda ya halarci zaman ya tabbatar da sunaye, mutum ya rubuta Hausar.

Wanda kuma bai riga ya yi zaman ba yana da damar da sauran ba su da ita. In ta Zoom ne, akwai zaɓin ɗaukar sautin kowane mahalarci a fayil daban idan a kwamfuta ake ajiye rikodin ɗin, a kunna shi kafin a fara. In a ɗaki ne, a roƙi kowa ya faɗi sunansa da muƙaminsa a farko ɗaya bayan ɗaya, a ɗora wayar a kan ɗankwali ko hula maimakon katakon tebur, wani kuma ya zauna da biro yana rubuta wanda ya karɓi magana da kalmominsa uku na farko. Wurin da duk da haka ka kasa tantancewa, rubuta "ba a tabbatar ba" tare da lokacin, ka bar waɗanda suka zauna a ɗakin su saurara su faɗa.